Shekara nawa ne mai wannan ƙashi? Yadda ake karanta ƙugu da ƙoƙon kai da gaɓoɓin mamaci

Tun da ɓarayin daji suka addabi yankunan Batsari da Safana da Jibiya, akwai gidaje a jihar Katsina da suka rasa inda za su sa kansu. Mutum ya fita bai dawo ba, ba a ga gawa ba balle a yi zaman makoki, ba a kuma ji muryarsa ba balle a ci gaba da sa rai. Wani lokaci sai bayan shekara ɗaya ko biyu manomi ko mafarauci ya ci karo da ƙasusuwa a bakin wani kwazazzabo. Idan aka yi dace ƙasusuwan suka isa hannun masanin binciken ƙashin ɗan Adam, tambayoyi huɗu yake fara yi musu: namiji ne ko mace, shekarunsa nawa, tsawonsa nawa, kuma wane tabo rayuwa ta bar masa. Ta biyun ce ta fi yaudarar mutane. Jama'a suna jira a ce musu “ɗan shekara 42 ne”, shi kuwa masanin da ya san aikinsa ba zai taɓa faɗin haka ba. Abin da zai ce shi ne “tsakanin 30 da 55”, kuma wannan faɗin tazarar ba gazawa ba ce, shi ne iyakar gaskiyar da ƙashi ke iya bayarwa.

Dalilin yana cikin bambancin yaro da babba. Jikin yaro gini ake yi, kuma ginin yana bin jadawali: haƙori kaza yana fitowa a shekara kaza, kan ƙashi kaza yana haɗewa da gangarsa a shekara kaza. Shi ya sa ana iya ƙiyasta shekarun yaro da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Wannan jadawali yana ƙarewa ne a ƙashin wuya, a bakinsa na ciki da ke jingine da ƙashin ƙirji. Shi ne na ƙarshe da ke gama haɗewa a duk jiki, yawanci bayan shekara 20 da 'yan kai, wani ma har ya kusa 30. Daga nan gini ya ƙare, sai lalacewa. Lalacewa kuwa ba ta da jadawali. Gado da abinci da aiki da ciwo duk suna sa mata hannu, har ka ga mutum biyu da aka raɗa wa suna rana ɗaya, amma ƙashin ɗaya ya riga na ɗayan tsufa da shekara goma sha.

Saboda haka masana suka nemi wuraren da aikin yau da kullum bai cika taɓawa ba, wato gaɓoɓin da kusan ba sa motsi. Mafi shahara a cikinsu tana gaban ƙugu, a ƙasan mara, inda ƙashin dama da na hagu suke haɗuwa da guringuntsi a tsakaninsu. Idan aka raba su, kowanne yana da 'yar fuska mai siffar ƙwai, tsawonta bai fi santimita 4 ba. Wannan 'yar fuska ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. A wajen matashi ɗan shekara 18, tana da tudu da kwari a jere a kwance, kamar gonar da aka gama yi wa huɗa. Da shekaru suka ja, sai kwarin ya riƙa cikewa, daga gefen baya tukuna, kunyoyin su baje yadda ruwan damina ke baje su. Sannan wani sabon ƙashi ya taso ta gefen gaba ya gina mata gyaffa, sama da ƙasa su fito sarai, har baki ya zagaye fuskar duka. Bayan wannan sai tsakiyar ta fara lotsawa, bakin ya soma zaizayewa, ramuka su bayyana, siffar ta wargaje.

T. Wingate Todd ne ya fara tsara wannan sauyi a matakai goma a 1920, daga tarin ƙasusuwan da ke Cleveland a Amurka. A 1957 McKern da Stewart suka fito da nasu tsarin daga gawarwakin sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Koriya, sai dai kusan dukkansu samari ne, don haka bai amfani dattawa ba. Wanda ya fi karɓuwa a yau shi ne na Judy Suchey da Sheilagh Brooks na 1990, wanda aka gina a kan ƙasusuwan mutane fiye da 1,000 da aka yi wa binciken gawa a Los Angeles, aka kuma tabbatar da shekarunsu da takardu. Matakai shida ne, maza da nasu teburin, mata da nasu. Shi ya sa dole a fara tantance jinsi kafin a taɓa maganar shekaru, kuma ƙugun ne dai ke faɗa, don na mace ya fi buɗewa ta ƙasan mara.

A teburin ne gaskiyar al'amarin take. Namijin da ke mataki na farko, matsakaicin shekarunsa 18 da rabi, kuma kashi 95 cikin 100 na irinsa suna tsakanin 15 da 23. Wannan tazara ce mai amfani ƙwarai. Amma a mataki na huɗu, matsakaicin 35 ne da ɗoriya, tazarar kuwa daga 23 har 57. A na shida ta tashi daga 34 zuwa 86. Na mata ya fi haka faɗi: mataki na biyar ya kama daga 25 zuwa 83, wanda kusan daidai yake da a ce “babbar mace ce” a yi shiru. Duk wanda ya ɗauki matsakaicin nan na 35 ya rubuta shi a rahoto shi kaɗai, ya ɓoye rabin abin da teburin ya faɗa masa. A ganina wannan ne kuskure mafi muni a fannin, kuma ba jahilci ke kawo shi ba, matsin lamba ne. Jami'i yana son lamba guda da zai rubuta a fayil, dangi suna son amsa, masanin kuma ba ya son a ce bai iya ba.

Bari mu bi misali guda daki-daki. Ƙaddarawa ce, ba labarin wani takamaiman mutum ba. A ce ruwan Agusta ya zaizaye gefen wani kwazazzabo a bayan garin Daura, ƙasusuwan mutum ɗaya suka bayyana, mafi yawansu suna nan. A ce kuma 'yan sanda suna da rahoton maza uku da suka ɓace a yankin a 2023: wani saurayi da aka haifa a 1999, wani magidanci da aka haifa a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, da wani ɗan dako da takardarsa ta nuna ya kai 60.

Masanin zai shimfiɗa ƙasusuwan a kan tebur bisa tsarin jiki, ya tabbatar na mutum ɗaya ne, ya wanke ƙasar da ruwa da burushi mai laushi. Ba a kankare fuskar ƙashin mara da wuƙa ko ƙarfe, don kankara ɗaya tana iya share abin da aka zo karantawa. Ƙugu ya nuna namiji ne. Ƙashin wuya ya haɗe tsaf, ko layin haɗin ba a gani, don haka girma ya kammala. Sai ya ɗauki ƙashin mara na hagu ya karkata shi a gaban fitila, hasken ya zo ta gefe don kowane tudu ya yi inuwa. Kunyoyi sun tafi, saura ɗan alamarsu a ƙasa. Fuskar ta yi laushi, baki ya zagaye ta kusan duka, sai wani ɗan giɓi a sama ta gefen gaba.

Wannan giɓi shi ne tarkon da ya fi kama sababbin hannu. Abu uku ne ke iya haifar da shi, kuma kowanne da inda yake kai mutum. Yana iya zama wurin da bakin bai gama rufewa ba, abin da aka sani a mataki na huɗu, wani ma yana mutuwa da shi bai taɓa cikewa ba. Yana iya zama bakin da ya taɓa cika sannan tsufa ya cinye shi, wato mataki na shida. Yana kuma iya zama ɓarnar da ta faru bayan mutuwa, ta haƙorin kare ko gara ko bakin fartanya. Tsakanin na farko da na biyu akwai bambancin shekara 26 a matsakaici, 35 da 61. Yadda ake rarrabewa shi ne a dubi gefen giɓin da sauran ƙashin. Idan ginin ne bai kammala ba, gefen yana da santsi, ƙashin yana da nauyi a hannu, fuskar ba ta lotsa ba. Idan tsufa ne, gefen yana da kaushi da ƙananan ramuka, ƙashin ya yi sakayau, sauran fuskar ma ta lalace. Idan kuwa karaya ce ta bayan mutuwa, wurin yakan fi kewayensa haske, bakinsa da kaifi, kuma ana hango saƙar cikin ƙashin a buɗe. A misalinmu gefen santsi gare shi, ƙashin da nauyinsa, na dama ma haka yake. Mataki na huɗu ke nan, 23 zuwa 57.

A lura, wannan bai fitar da saurayin ba tukuna, shekararsa 24 tana cikin tazarar, ko da a bakin gaɓa ne. Shi ya sa ba a tsayawa a wuri guda. Sai a juya ƙugun ta baya, inda yake manne da ƙashin tsatso. A nan ma akwai fuska, mai lanƙwasa irin ta kunne, kuma tana da wata fa'ida babba a irin yanayinmu. Ƙashin mara siriri ne, yana gaba, shi dabbobi ke fara ci, shi ƙasa ke fara murƙushewa. Na bayan nan kuwa kauri gare shi, yakan tsira ko da gaban ya tafi. Lovejoy da abokan aikinsa ne suka tsara karanta shi a 1985 a matakai takwas. A ƙuruciya fuskar tana da lallausan yashi-yashi da layuka a kwance. Daga baya layukan su dushe, yashin ya yi gauri, sannan wasu wurare su daskare su yi sumul, a ƙarshe manyan ramuka su huda ta, gefenta ya yi leɓe.

Wahalarsa ita ce karatun ya fi na ƙashin mara wuya, masana biyu suna iya duba ƙashi ɗaya su saɓa. Kuma yawancin matakan Lovejoy na shekara biyar-biyar ne, 35 zuwa 39, 40 zuwa 44, waɗanda gwaje-gwajen baya suka nuna sun yi ƙunci fiye da kima. A 2002 Buckberry da Chamberlain suka sake fasalinsa da ƙasusuwan Spitalfields na Landan: a ba kowace alama makinta daban, layuka da yanayin fuska da ƙananan ramuka da manya da kusurwar gaba, sannan a tara. Tazarar da ta fito ta yi faɗi sosai, amma ta fi gaskiya. A ƙashinmu layuka sun kusa ɓacewa, yashin ya yi gauri, ga 'yan wuraren da suka fara daskarewa, ba manyan ramuka. Wannan kamannin tsakiyar rayuwa ne. Da wuya ƙwarai a same shi a jikin ɗan 24, ba kuma irin na wanda ya tsufa tukuf ba ne. Idan bakin haƙarƙari na huɗu ya tsira, ana ƙarawa da shi bisa tsarin İşcan da Loth na tsakiyar shekarun 1980, don ramin da ke bakinsa yana zurfafa da shekaru, gefensa yana sirancewa yana yin tsini.

Yanzu sai ƙoƙon kai, wanda shi ne kowa ke fara nunawa da yatsa. Kowace uwa ta san maɗigar jariri, ta san kan ba ƙashi ɗaya ba ne, faifai ne da suke haɗuwa. Layukan haɗin nan masu zigzag, waɗanda ake kira ɗinkin kai, suna cikewa da ƙashi sannu a hankali bayan an girma, daga ciki zuwa waje, har wani ya shafe gaba ɗaya. Ganin haka ya sa tun da daɗewa aka ɗauka agogo ne. Meindl da Lovejoy a 1985 suka zaɓi wurare goma a fuskar ƙoƙon ta waje, kowanne faɗin santimita 1, a ba shi maki daga 0 idan a buɗe yake zuwa 3 idan ya shafe. Tsari ne mai sauƙin koyo, ƙoƙon kai kuma yakan daɗe bai lalace ba. Amma dubi abin da lissafin nasu ya bayar a ɗinkunan saman kai: wanda nasa suka fara rufewa kaɗan, matsakaicinsa kimanin 30 ne, wanda nasa suka kusa shafewa duka, kimanin 51. Duk tafiyar daga farko zuwa ƙarshe shekara 20 ce da 'yan kai, alhali a kowane mataki mutane suna warwatse da shekaru masu yawa ta kowane ɓangare.

A aikace ana samun tsohuwa 'yar 80 da ɗinkinta a buɗe, ana samun ɗan 30 da na tsakiyar kansa ya shafe. Akwai ma waɗanda ɗinkin tsakiyar goshi, wanda ya kamata ya rufe tun suna jarirai, yake zama da su har mutuwa, wanda bai sani ba ya ɗauka fashewa ce. Ba a gama gano abin da ke tafiyar da rufewar ba, amma a bayyane yake ba shekaru kaɗai ba ne. A misalinmu, a ce ɗinkin tsakiyar kai ya shafe sarai, na gefe wajen tafin kunne kuwa rabi-rabi. Wanda ya tsinci kan shi kaɗai zai rantse dattijo ne. Masanin zai rubuta abin da ya gani, ya ba na gefen nauyi fiye da na saman, kamar yadda masu tsarin suka ba da shawara, amma ba zai bar kai ya rinjayi ƙugu ba. Ni dai ina ganin inda ɗinkin kai ke da hurumin magana shi kaɗai shi ne inda ba a sami komai ba sai kan, kuma ko a nan iyakarsa ya ce matashi, ko matsakaici, ko mai manyan shekaru.

Saura zaizayar gaɓoɓi, kuma a nan ne ya kamata mu mutanen nan mu fi buɗe ido. Guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi yana cinyewa, sai ƙashi ya mayar da martani ta hanyar tsiro da leɓe a gefuna. A ƙashin baya ana ganin wannan leɓe a bakin kowane ƙulli. Idan guringuntsin ya ƙare ƙaf a gwiwa ko kafaɗa, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, wurin yakan yi santsi da sheƙi har da 'yan tsagogi ta inda motsin ke bi. Gaskiya ne waɗannan suna ƙaruwa da shekaru: da wuya a ga leɓe mai yawa kafin 30, da wuya kuma a rasa shi bayan 50. Matsalar ita ce gaɓar da ke motsi tana rubuta abu biyu a shafi ɗaya, shekaru da wahala, ba ta kuma raba su. Wanda ya fara dako a kasuwa tun yana ɗan 15, buhu a ka safe da yamma, ƙullayen wuyansa za su riga shekarunsa. Haka mai turin kurar ruwa da kafaɗunsa, haka matar da ta yi rayuwarta tsakanin turmi da rijiya, haka manomin da ya shekara 20 a duƙe. Ma'aikacin ofis ɗan 55 yana iya fin su lafiyar gadon baya.

Abin da masanin ke dubawa shi ne yadda zaizayar ta bazu. Ta tsufa takan game jiki, dama da hagu, sama da ƙasa, ta zo tare da raguwar nauyin ƙashi, wani lokaci har guringuntsin haƙarƙari da na maƙogwaro su zama ƙashi. Ta aiki takan taru a inda nauyin ke sauka. Ta rauni takan tsaya a gaɓa ɗaya, sau da yawa da tsohuwar karaya a kusa. Akwai kuma ta ciwo, wadda ba za a manta da ita a ƙasar nan ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma sikila tana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, kan ya mutu ya lotse, har kwatangwalon ɗan 25 ya koma kamar na tsoho. Wanda ya karanta wannan a matsayin tsufa ya yi kuskuren shekara 40. Haƙora ma haka suke: wanda ya tashi da garin da aka niƙa a dutse, da tsakuwa a ciki, turamensa za su cinye fiye da na wanda teburan Turai suka auna.

A ƙasusuwan bayan Daura, a ce ƙullayen wuya na ƙasa sun yi leɓe sosai, na tsatso matsakaici, gwiwoyi da kafaɗu kuwa lafiya lau, ba sheƙi ko ɗaya, ƙashin da nauyinsa. Wannan ya fi kama da rubutun kaya a ka. Don haka zaizayar ta ce mutumin ya haura 30, ta kuma ba da labarin sana'arsa, amma ba ta isa ta tura shi 60 ba. Idan aka haɗa duka, ƙugu gaba da baya suna nuna tsakiyar rayuwa, kai yana ja sama amma shaidarsa mai rauni ce, wuya yana ja sama amma da wani dalilin daban. Rahoton zai ce: namiji, tsakanin 30 da 55, ya fi yiwuwa 35 zuwa 50. Ba a tara lambobin a raba don a sami matsakaici. Kowace alama ana auna ta da gwargwadon amincinta. Akwai hanyar lissafi da Boldsen da Milner da abokansu suka fitar a 2002 wadda ke haɗa makin ƙashin mara da na bayan ƙugu da na ɗinkin kai ta fitar da tazara guda, amma ita ma tazara take bayarwa.

To wa rahoton ya fitar? Saurayin ya koma ƙarshen layi. Magidancin 1987 yana da 36, ya shiga daram. Ɗan dakon mai shekara 60 a takarda ya fita, kuma a nan ne mai bincike na gari zai ajiye biro ya tafi gidansu. Ba kowa aka yi wa takardar haihuwa ba a zamaninsu. Shekarun da ke katin mutane da yawa na rantsuwar kotu ne, shi ya sa ake yawan ganin 1 ga Janairu, kuma idan aka tambayi shekarun dattijo akan ce 50 ko 60, ba a cika jin 53 ba. Sai a zauna da yayarsa a tambaye ta a hankali: “Baba, ko kin tuna abin da ya faru shekarar da aka haife shi?” Ita kuma ta ce: “Ɗan nan, ai ina goye da shi aka canja kuɗi, aka daina fam da sule.” Naira ta maye gurbin fam a farkon 1973. Ke nan a 2023 mutumin yana wajen 50 ko 51, ba 60 ba. Ya dawo cikin tazarar, ga kuma wuyan da ya dace da sana'arsa.

Da masanin ya biye wa masu son lamba guda ya rubuta 35 zuwa 39, da an rufe fayil ɗin ɗan dakon tun ranar farko, ba wanda zai je gidansu, ba wanda zai ɗauki samfurin 'yar'uwarsa. Tazara mai faɗi tana ƙara wa jami'i aiki na kwana biyu. Mai ƙunci idan ta kuskure, tana fitar da mutumin da ake nema daga lissafi har abada, iyalinsa su ci gaba da jira, matarsa ta kasa sanin ko ta fara takaba, gado ya tsaya. Aikin ƙiyasin shekaru shi ne rage jerin sunaye. Tabbatar da ko wane ne kuwa sai tsawo, da tsohuwar karayar da dangi suka sani, da haƙorin da aka taɓa cirewa ko wushirya, sannan gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ke da tsada, shi ya sa rage jerin daga mutum 30 zuwa 2 ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani lahani da ke bin duk waɗannan hanyoyi, kuma ya kamata mai karanta rahoto ya san shi. Suna yawan ƙara wa matasa shekaru, su rage wa tsofaffi. Ɗan 75 yakan fito a 55 ko 60, saboda bayan mataki na ƙarshe ba sauran wani mataki, kowa a nan yake taruwa. Bocquet-Appel da Masset sun nuna a 1982 cewa ƙiyasin yakan kwaikwayi shekarun mutanen da aka gina teburin da su: idan tarin samari ne, sakamakon zai riƙa jan kowa zuwa samartaka. Don haka idan rahoto ya ce “50 zuwa sama”, kada a cire tsohon da ya kai 80 daga jerin.

Teburan nan kuma daga Cleveland da Los Angeles da Landan suka fito. A Afirka, manyan tarin ƙasusuwan da aka san shekarun masu su suna Afirka ta Kudu, kamar na Raymond Dart a Johannesburg da na Pretoria, sai na Galloway a Makerere ta Uganda. Mu a nan muna sallatar mamacinmu mu kai shi makwancinsa a ranar, kuma ba wanda zai nemi a canja wannan. Hanyar da ta rage ita ce ta masu rai. Na'urar hoton siti, wato CT da ke ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, tana nuna fuskar ƙashin mara da bakin ƙashin wuya, kuma an riga an gwada karanta matakan Suchey da Brooks daga irin waɗannan hotuna a wasu ƙasashe. Asibitocin koyarwa na Arewa suna ɗaukar hotunan ciki da ƙugu saboda wasu cututtuka daban. Idan aka cire sunaye, aka samu izinin kwamitin ɗa'a, ana iya gwada teburan a kan mutanenmu a ga ta ina suke karkata. Sharaɗin da zai fi wuyar cikawa shi ne na shekarun: sai an zaɓi waɗanda aka rubuta ranar haihuwarsu a lokacin da aka haife su, a asibiti ko a rajistar hukuma, an bar masu takardar rantsuwa, wanda hakan zai sa dattawan karkara, waɗanda su ne teburan suka fi kuskure a kansu, su yi ƙaranci a cikin samfurin.